«Ka» Ɗin da Na Gyara a Wasiƙar Yayata

Bana shekara shida ke nan da rasuwar yayata Ladi, ma'aikaciyar jinya a nan Kontagora. Wata biyar kafin ta rasu muka binne mahaifinmu a Ibeto, ina shekarar ƙarshe a jami'a. Na yi mata kukan cewa sai in yi mako ina lafiya, har in yi dariya, sannan ƙamshin gyaɗar da aka tuge ya durƙusar da ni. Da wasiƙa ta amsa, kuma kalmominta zan kawo yadda suke.

«Bala, zuciya ba ta iya ɗaukar rashi a lokaci guda, sai ta ɗauka ta ajiye, kamar igiyar ruwa mai zuwa ta koma. Kanka ya san Baba ya tafi, amma sabo bai sani ba. Duk abin da ya saba haɗa ka da shi, ƙamshi ne, ƙarar babur ce, ko lokacin girbi, zai sa ka sake tsammaninsa, ka sake rasa shi. Har ranar farin ciki za ka ji, domin za ka nemi wanda za ka gaya wa. Hutun da ke tsakani ba mantuwa ba ne. Tazarar za ta riƙa tsawo, ko da zafin bai ragu ba. In kuwa watanni suka wuce babu hutu, ba ci ba barci, ka ga likita.»

A gidanmu Kambarci muka fara ji, kuma na saba yi wa Hausarta gyara. Da na ga «ka» daga sama har ƙasa, alhali uban namu ne mu biyu, sai na ɗauka tuntuɓen harshe ne. Na bi da jan biro ina mayar da shi «mu», na kira ta ina tsokana.

«To, Malam, na ci nawa?» in ji ta, tana dariya.

Bayan jana'izarta mijinta ya ce mini, «Ta san ciwonta ba na tashi ba ne tun Baba na da rai. Ta hana a faɗa maka sai ka gama jarrabawa.»

Ashe ba kuskure ba ne. Ta cire kanta da gangan, domin ta san ita ma tafiya za ta yi ta bar ni da rashin. Kowa a gida ya sani, ni kaɗai aka bari ina haddar darasi, kuma ban samu yi mata sallama ba.

Da tana nan, ban san me za ta ce da takardar shaidar digirin da ta zaɓa mini a madadin wata biyar a gefenta ba. Kwanan baya 'yarta Talatu ta ci jarrabawa, ta fashe da kuka, ta ce, «Kawu, me ke damuna?» Bayanin uwarta na yi mata, domin a shekara shida ban kama ƙarya a layi ko ɗaya ba. Abin da ba ta rubuta ba ne nake fama da yafewa. Allah ya jiƙanta, ya riga ni yafe mata.