Jinkirin da na ƙara wa layin Buza

Shekarata ta biyu da fara aiki a tashar rarraba wuta da ke bayan garin Madawa, zuciyata tana Buza. Akwai wata yarinya can mai ɗinki da keken lantarki, idanunta kamar an wanke su da ruwan farkon damina. Kullum da la'asar muna waya, kullum kuma kukanta ɗaya ne: iska na kaɗawa, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ɗinki ya tsaya.

A tashar taransifoma ɗaya gare mu babba, daga ita layuka uku suke fita. Kowane layi yana da rele, na'urar da ke auna ƙarfin wuta, in ya wuce kima ta buɗe disjonkter, wato babban makunnin layin, ta yanke wutar. Ita ma taransifoma tana da nata. In waya ta haɗu a kan layin Buza, rele biyun duk suna ganin wutar ta hau, amma na layi yana yankewa bayan kashi huɗu cikin goma na sakan, na taransifoma sai kashi bakwai. Ratar da ke tsakani ita ke ba disjonkter ɗin layi damar buɗewa, har na taransifoma ya ga komai ya lafa ya koma ya kwanta. Shef ɗinmu, shugaban tashar, dattijo mutumin Urno, yakan ce, “Ƙarami shi ka fara tashi. Babba ba ya tashi sai ƙarami ya kasa.”

Na san wannan sarai. Amma wata ranar ina kallon hadari yana haɗowa ta gabas, sai na ce a raina ai reshe ne kawai yake taɓa waya ya saki. In na ƙara wa relen haƙuri kaɗan, zai wuce ba a yanke ba. Na mayar da huɗu tara. Ban rubuta a littafin aiki ba. Na yi ta ƙiyasta fuskarta ranar da zan gaya mata ni na sa wutarta ta daina ɗaukewa, har na shirya kalmomin da zan faɗa.

Kwana goma sha ɗaya ba abin da ya faru. Ranar sha biyu, bayan azahar, iska ta karya reshen gawo ya kwanta a kan wayoyin layin Buza. Relen taransifoma ya riga na layi, ya yanke. Tashar ta yi tsit, wannan gurnanin da kunne ya saba da shi ya ɓace, layuka ukun duk suka mutu tare.

Shef ya zo da butarsa a hannu. Ya dubi allunan ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya.

“Babba ya tashi, ƙanana duk suna zaune. Wannan ba daidai ba na.”

Ya buɗe layukan duka, ya mayar da taransifoma, ya fara rufe su ɗaya ɗaya don mayar musu da wuta. Na farko ya zauna lafiya, na biyu ma haka. Wayarsa tana ta ƙara, daga asibiti ake kira. Ya kai hannu ga na Buza. Na san in ya rufe shi reshen na nan, garin da aka samo wa wuta yanzu zai sake faɗawa duhu, taransifoma kuma ta sake shan wannan dukan. Na kuma san in na yi magana, aikina na iya ƙarewa a ranar.

“Shef, dakata. Relen nan tara yake.”

Bai juyo ba. “Wa ya sa shi tara?”

“Ni.”

“Injiniya ya ce maka?”

“A'a.”

“To wa ke gare ka Buza?”

Mai gadi da ke bakin ƙofa ya yi tari irin na mai ɓoye dariya.

Shef ya ja da baya ya nuna mini allon. Na mayar da shi huɗu, ya duba da kansa sau biyu. Sa'an nan ya rufe. Disjonkter ɗin Buza ya buga ya buɗe shi kaɗai, fankar da ke kanmu ba ta ko rage gudu ba.

Na tambaye shi a hankali ko ba za a iya ƙara wa na taransifoma lokaci ba, tunda haka ne.

“Sai relen da ke sama da ita ma a ƙara mishi, ko? Ita kuma ta yi ta dahuwa tana jiran ka gama soyayya. Ɗana, maganin reshe gatari na.”

Ya ba ni takarda ya ce in rubuta rahoton da hannuna, kada in rage komai. Ya karanta, ya ƙara layi ɗaya a ƙasa, cewa ni na faɗa kafin a rufe, ya sa hannu. Aka karɓe lambar sirri ta shiga rele daga wurina. Ba a kore ni ba. Sauran daminar na yi ta cikin masu saran rassa, muna bin wayoyi ta cikin gonakin hatsi, tafin hannuna duk ya yi kanta.