Ƙasar Bayan Aji Huɗu

Damunar da sojoji suka koma bariki aka shiga mulkin farar hula, ina koyar da kimiyya a aji huɗu na wata firamare a Kudenda. Ni mace ce mai baki, tun a ƙauyenmu na kudancin Kaduna an san ni da haka, kuma ban taɓa neman magani ba.

Wata Laraba na fitar da yarana waje. Na ba kowane rukuni kwalba, da cokali, da jerin abin da za su nemo a harabar makaranta: ƙwaro mai ƙafa shida, ganye mai santsin baki, ganye mai haƙora, da ƙasa daga wuri uku. Kai, ranar na sha dariya! Wani ya kawo gizo-gizo yana taƙama, na ce ya ƙirga ƙafafun. Da ya kai takwas sai ya saki kwalbar ya ce ai ba shi ya kama ba. Ganyen mangwaro da na dogon yaro ba su ba kowa wuya ba. Ƙasa kuwa na nuna musu yadda ake jiƙa ta a murza a tafin hannu: yashi ya wargaje, yumɓu ya miƙe kamar taliya.

A gindin mangwaro, cokali biyu suka tona sai ga tana. A gefen fili ma haka. Amma bayan ajinmu, inda ruwan wata masana'anta yake malalowa ta ƙarƙashin katanga, sun tona har hannu ya gaji, babu tana, babu gara, ko tururuwa ba ta bi ta wurin. Ƙasar baƙa ce, tana warin mai.

Yarana daga yare daban-daban suke, Hausa ce ta haɗa su, don haka na ce kowa ya rubuta abin da ya gani da Hausa. Wata yarinya mai shiru-shiru, 'yar wani leburan masana'anta, ta rubuta: “Ƙasarmu ta lalace. Babu mai rai da yake son zama a cikinta.” Na ba ta maki cikakke.

Washegari hedimasta ya kira ni ofis. Yana duba littattafai ne saboda sufeton makarantu zai zo ranar Litinin. Littafin yarinyar yana buɗe a gabansa.

“Malama, siyasa kike koya wa yara?”

“Ranka ya daɗe, ƙasar da ake takawa take nufi. Ta bayan aji.”

“Sufeto ba zai karanta haka ba. Ki yage shafin. In ba haka ba, ni da hannuna zan rubuta a yi miki canji zuwa Kakau.”

Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. A Unguwar Boro nake zaune, ina da goyo, kuma Kakau ba nan kusa ba ce ga mai jiran mota kowace safiya. Amma raina ya fi ɓaci. Na ce ya zo mu je ya tona da kansa.

Bai tashi ba. Ya cire tabarau ya ce, “Na san wurin. Na san me take nufi. Ke ba ki ga abin da na gani ba. A zamanin soja, a gabana aka tafi da wani malami saboda layi ɗaya a kan allo.” Sai ya sassauta murya. “To ta sake rubutawa da Turanci. A Turanci ƙasar noma daban, ƙasar gwamnati daban, ba mai ruɗewa.”

Na tausaya masa, Allah ya sani. Amma na ce, “Baba, ni na ce mata ta rubuta abin da idonta ya gani. Yanzu in koma in ce mata ganin nata laifi ne? Sojojin sun tafi fa! In har yanzu ƙasar bayan aji ma ba za a faɗi gaskiyarta ba, to me aka canza? Ba zan yage ba.”

Ranar Juma'a darasinmu shi ne kammala binciken. Ƙa'ida ce, aji ya zaɓi bayani ɗaya da ya fi dacewa da abin da aka gani, kowa ya kwafa. Na karanta musu guda biyar, ban nuna wanda nake so ba. Suka ɗaga wa na yarinyar hannu. Na rubuta shi a allo da manyan baƙaƙe, suka kwafa.

Litinin da sassafe na tarar da hedimasta a ajina, ya zo yage shafin da kansa. Ya buɗe littafi na farko, ya buɗe na biyu, ya buɗe na goma. Ya tsaya riƙe da tulin, yana kallona. Bai yage ko ɗaya ba.

Sufeton ko littafi ɗaya bai buɗe ba, rajista ya duba ya sha lemo ya tafi. Takardar canjina ta iso bayan sati uku. Na sa hannu a tsaye, na ɗaure goyona, na fita neman motar Kakau.