Ranar da Ba a Roƙi Yaya Ba

Ni dai ban so zuwa taron shekarar nan ba. Hannun jarin da nake da shi a kamfanin casar shinkafa na Rano gadon maigidana ne, kuma kowa ya riga ya ji ƙishin-ƙishin cewa bana ba rabon riba. To amma shugaban kamfanin yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a shekarar wa'adinsa na darakta ya cika, sai masu hannun jari sun sake zaɓensa zai ci gaba da zama a kujerar. Shi da abokansa suka kafa injin nan tun gashinsa na baƙi. Ina ni ina zama a gida.

An kafa rumfuna a harabar injin, mu mata muna can baya. Manoman Durba da Fammar sun zo, haka Fulanin wajen Saji da suka sayar da shanu suka sa jari. Sakataren kamfani, wani lauya ne sabo daga Kano, ya tabbatar mutane sun kai adadin da doka ta ce, aka yi addu'a, Yaya ya miƙe.

Wallahi bai ɓoye komai ba. Ya ce sun sayi shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, da tsada lokacin kaka, kafin su gama casa farashin shinkafa ya faɗo. Wuta ba ta zama, man janareta ya cinye ɗan abin da ya rage, ga babban injin ya tsaya ana tsakiyar aiki. An yi asara, don haka daraktoci ba su ba da shawarar raba riba ba. Ya ce shawarar sayen shanshera da yawa shi ya kawo ta, kada a ɗora wa manaja. Sannan ya faɗi shirin baɗi: a rage saye, a riƙa yi wa manoma casa ana biyan kuɗin aiki. Mutane suka yi ta tambayoyi, wasu da zafi, ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Mai binciken kuɗi ya karanta rahotonsa, aka ɗaga hannu aka amince da lissafin. Har na fara sakin jiki.

Sai aka zo zaɓen daraktoci. Yaya yana da wata al'ada: duk sanda wa'adinsa ya cika, sai ya ce ya gaji, a nemi mai jini a jika. Kowa ya san kara ce kawai, mutum ba ya roƙa wa kansa kujera. Wani dattijo daga Durba ne kan miƙe ya ce ba su yarda ba, jama'a su ɗauka, Yaya ya ɗan noƙe sannan ya karɓa. To dattijon nan Allah Ya yi masa rasuwa da damina.

Yaya ya faɗi maganarsa kamar kullum, ya zauna. Wuri ya yi tsit. Na ga manya suna kallon juna, kowa na jiran wanda ya girme shi ya fara. Ba ƙin sa suke ba, na rantse, ko waɗanda suka yi faɗa ɗazu ba su nemi ya tafi ba. Amma shekara ta yi zafi, ba mai son a ce shi ya fara yabo. Lauya kuwa bai san dawan garin ba, ya ɗaga biro.

"Alhaji, in rubuta ba za ka sake tsayawa ba ke nan?"

Yaya ya dubi rumfunan nan tun daga gaba har baya. "Rubuta," in ji shi.

Na miƙe ina cewa ba mu yarda ba, mayafina har yana zamewa. Wasu suka mara mini baya, amma bakin alƙalami ya bushe. Lauya ya ce sai in mai maganar ne ya janye da kansa, Yaya kuma ya sunkuyar da kai. Aka zaɓi wani ɗan kasuwa daga Kibiya, mutumin kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa. Abin da ke ci mini rai har yau, mutanen da suka yi shirun nan su ne suka bi Yaya har mota suna cewa ba su ji daɗi ba.

A hanya, muna cikin motarsa, na kasa haƙuri. Na ce masa kalma ɗaya ce fa, da ya ce yana so, da an gama. Ya amsa mini yana kallon gonaki ta taga.

"Bayan na gaya musu na jawo musu asara, da bakina kuma zan roƙa?"

Matarsa ta ba ni labari, washegari da sassafe ya yi wanka, ya sa babbar riga da hula kamar yadda ya saba, ya ɗauki makullin mota zai tafi injin. Sai da ya kai zaure ya tsaya. Nan ta kai masa kokonsa, bai ko cire hular ba.