Salsalar da babu mata a ciki

Ranar wata Talata, ƙarfe goma na safe, mu huɗu muka shiga ofishin likita a wani asibiti a Jos: ni, da matata mai cikin wata biyar, da Hajiya mahaifiyata, da Baffa, ƙanin mahaifina.

A gidanmu na Dilimi ciwon suga da nauyin ji sun yi yawa, har maƙwabta ba sa sayen batir idan mun kunna rediyo. Ina da su duka biyun, kuma gwaji ya nuna gado ne. Tambayata ɗaya: ko abin da ke cikin zai gada?

An ce mu zo da tarihin dangi, don haka Baffa ya warware takardar salsala, kakanni tara, wane ɗan wane, tun kafin zamanin haƙar kuza.

"Baba, ina mata?" in ji likitar.

"Suna gida."

Ta mayar masa da takardarsa. Ta ce a cikin ƙwayoyin jiki akwai wasu ƙananan injina masu ba da ƙarfi, mitokondiriya, da nasu DNA daban. Daga ƙwan uwa ake samunsu, na uba ba sa wucewa. Ta zana mata da da'ira, maza da murabba'i, ta baƙanta masu ciwon. Baƙin ya sauko daga kakata ta wajen uwa zuwa Hajiya, zuwa gare ni da yayata da 'ya'yanta. 'Ya'yan kawunnaina kuwa fari tas.

"Oga, kai ba za ka ba yaro ba."

Na fara hamdala, sai ta tambayi dangin matata. Na ce auren zumunci ne, uwarta ƙanwar Hajiya ce. Likitar ta ajiye biro. Ta ce in Hajiya da surukata uwarsu ɗaya, matata na iya ɗauke da shi ko da lafiyarta ƙalau, ta kuma ba ɗan.

Hajiya ta jawo ni, ta yi abin da ta ɗauka raɗa ce.

"Surukarka 'yar riƙo ce! Ba Innarmu ta haife ta ba! 'Yar ƙaninta ce, tana yaye aka ba ta! Kada ka gaya wa kowa!"

A baranda wani ya ce, "Allah sarki."

Matata, wadda ba ta taɓa jin zancen ba, ta buɗe baki. Likitar ta goge layi ɗaya, ta mayar da surukata ƙarƙashin murabba'i.

"Ta namiji ta biyo. A nan ciwon ya tsaya."

"Ashe muna da amfani," in ji Baffa.

"Eh, Baba. Ba ku ba da komai ba."

Mace aka haifa. Shekararta biyar yanzu, kuma ita ke gaya mana idan ana sallama a ƙofar gida.