Uku-Biyar-Biyu a Filin Bakura

Shekara shida na yi ina horar da ƙungiyar ƙwallon unguwarmu a Talata Mafara da tsarin huɗu-huɗu-biyu. Da na gaji da yadda ake fin mu yawa a tsakiya, sai na koma uku-biyar-biyu kafin wasanmu da Bakura.

Na jera tsakuwa a ƙasa na nuna wa 'yan wasa. Mutum biyu na gefe su ne ƙarfin tsarin: su hau su kai hari, su dawo su tare gida, ba hutawa. In ƙwallo ta kuɓuce mana, a taru a matsa wa mai ita, a toshe waɗanda zai iya miƙa wa ƙwallon. Wanda ya tafi shi kaɗai ya yi wahalar banza.

Kafin hutun rabin lokaci abin ya yi kyau. Bayan an dawo, na gefen nan biyu suka koma tafiya. 'Yan gaba su ruga su matsa, su waiga, ba kowa a bayansu. Ta gefen nan ne Bakura ta zura mana ƙwallo uku.

Raina ya ɓaci, na daka wa na dama tsawa. Ya dafa gwiwa yana haki.

"Malam, tun assalatu nike ban ruwan albasa."

Na sani sarai. Da safe na wuce su a fadama, shi da na hagu, har na ɗaga musu hannu.

A mota na lalubo tsakuwan nan a aljihu, na watsar ta taga. Su kaɗai ne a ƙungiyar ba su da gona.