Hoton Nazifa na uku

Baiwa tela ce a Gwadangaji, shekara goma sha biyu tana taka keke a zaurensu. Ba ta da yawan magana, allura a baki take amsa gaisuwa. Surutu na ƙanwarta Nazifa ne, wadda ke aure a Argungu. Ita ce ma ta buɗe mata Facebook, wai ɗinki ba ya tallan kansa.

Da ƙaramar Sallah Baiwa ta ɗora hotuna biyar a haɗe, duk na ɗinkinta. Na uku Nazifa ce cikin atamfa shuɗiya, tana dariya, ɗankwali ya zame. Mutane suka yi ta sharhi. Nazifa ta rubuto: "Yaya kin matse ni, ko yadin na kika ci?"

Wata biyu bayan haka Nazifa ta rasu wajen haihuwa.

Baiwa ba ta yi kuka ba. Ta je Argungu, ta zauna kwana bakwai, ta dawo kan kekenta. Sai dai kullum bayan La'asar takan buɗe wayar ta karanta wannan tsokanar, ta rufe.

Ran nan Usmanu, mijin marigayiyar, ya kira.

"Yaya Baiwa, don Allah a cire hoton nan. Kanta a buɗe yake, ga ta a kabari, maza na gani."

Gaskiya ya faɗa, ta sani. Ta ce to.

Ta ɗauka sai an goge duka, shi ya sa ta kwana uku tana juya waya. Maƙwabciyarta Riskuwa, malamar firamare, ta leƙo ta ji.

"Haba Baiwa, wanga abu na ya hana ki cin tuwo? Kawo. Goge duka shi ka tafiya da komi. Mu gyara za mu yi."

Ta taɓa ɗigo ukun nan na sama, ta shiga wurin gyara. Kowane hoto ya fito da ɗan gicciye a kusurwarsa. Ta danna na Nazifa kaɗai, ta adana.

"Kin gani? Huɗu na nan, sharhinsu na nan."

Suna nan kuwa. Masu tambayar farashi, masu Masha Allah, har wata mai neman a yi mata irin na biyu. Baiwa ta ja ƙasa, ta koma sama, ta sake ja.

Ai kuwa babu tsokanar nan. Nazifa, sarkin son kanta, ba a ƙarƙashin duka biyar ɗin ta yi rubutun ba. Hotonta ta buɗe ta rubuta a can, sai ya tafi da shi. Ba wadda ta duba kafin a danna.

Riskuwa ta dafe ƙirji tana salati, ta laluba ko'ina ba ta samo ba. Baiwa ba ta ji komai ba, ko haushi.

"Bari," in ji ta. "Na hardace shi."

Ta sa allura a baki, ta ja keken. Da La'asar ta yi, hannunta ya kai kan wayar da kansa.