Goma da Casa'in

Ni malamin kwamfuta ne a sakandare, saboda haka duk abin da ke da maɓalli a ƙungiyarmu ta manoman rani da ke gefen madatsar Watari, kaina ake ɗora wa. Shekarar da muka nemi famfunan sola daga wata ƙungiyar agaji, ni na rubuta takardar neman. An ce amsa ta imel za ta zo, kuma wanda bai tabbatar cikin kwana bakwai ba, a ba wani. Don gonaki goma sha biyu ne da ke ƙarshen kwatar ban ruwa, inda ruwa ba ya isa sai na gaba sun ƙoshi. Ɗaya ta kawuna ce, wanda tumatirinsa ya ƙone shekara biyu a jere.

A lokacin ne na mai da imel ɗinmu daga tsohon kamfani zuwa sabo. Sunan ƙungiya na intanet yana da rajista, kuma a cikinta akwai layukan da ake kira MX. Saba ita ce kwamfutar da ke aikawa da karɓar imel. Duk sabar da za ta aiko mana wasiƙa sai ta fara duba su, ta ga sunan sabar da ke karɓar mana. Kowane layi da lambarsa. Na sa wa sabuwar saba goma, tsohuwar kuma ashirin, da niyyar in goge ta in komai ya zauna. Ban goge ba. Wannan laifina ne, ban taɓa musu ba.

Sai aka tura ni Kano gyaran takardun jarrabawa, mako biyu. Na bar wa shugabanmu kalmar sirri, don ya ce ba zai yiwu mabuɗin ƙungiya ya tafi birni a aljihun mutum ɗaya ba. Tsohon jami'in rabon ruwa ne, ya yi ritaya, mutumin kirki, amma bai taɓa ganin lamba ya ƙyale ta ba.

Kullum ina duba sabon akwati a waya. Shiru. Ko tallan banza babu, kuma wannan kaɗai ya isa ya tashe ni, amma takardun yara sun cinye mini kai.

Ranar da na dawo na same shi a ofis yana murmushi.

"Malam, na gyara maka wani ɗan kuskure," in ji shi. "Ka ba sabuwa goma, ka ba tsohuwa ashirin. Yaya za a yi wadda muka bari ta fi samun kaso? Na mai da sabuwa casa'in, tsohuwa goma. Ka ga ɗari cif."

Wallahi sai da na nemi kujera.

"Alhaji, ba kaso ba ne. Layi ne. Mai ƙaramar lamba ita ake fara ƙwanƙwasa wa. Ba a zuwa wajen ta biyu sai ta farko ta ƙi amsawa."

"To ko goma cikin ɗari ne, ai sauran casa'in ɗin sun iso."

"Ko ɗaya bai iso ba! Goma da casa'in, ɗaya da biyu, duk abu guda ne a wajensu. Ba a raba wasiƙa tsakani sai lambobin sun zo daidai."

Ya gyara hularsa ya ce shi shekara talatin yana rabon ruwa, bai taɓa ganin inda ƙarami ya sha gaban babba ba. Na cije leɓe. Sa'an mahaifina ne, kuma a bayansa nake sallah.

Abin da ya fi ƙona mini rai, tsohuwar sabar ba ta mutu ba. Da ta mutu, da masu aikowa sun wuce zuwa sabuwar, an huta. Amma wa'adinmu da kamfanin bai ƙare ba, sai ta yi ta karɓa cikin ladabi tana ajiyewa a akwatin da babu mai buɗewa. Masu aikowa kuwa ba su ga wata wasiƙa ta dawo musu ba, balle su yi zargin wani abu.

Na goge layin tsohuwar a gabansa. Sannan na buɗe tsohon akwatin. Ga ta nan, tsakanin tallan taki da gayyatar taro: an amince mana, a tabbatar cikin kwana bakwai. Kwana tara ke nan da zuwanta.

Na kira ƙungiyar agajin a take. Wata mata ta saurare ni har na gama, ta ce ta yi mana baƙin ciki, amma famfunan sun tafi wani ƙauye shekaranjiya. Shugaba ya karɓi wayar ya yi ta bayanin casa'in da goma har ta yi sallama.

Da la'asar na hau babur zuwa ƙarshen kwata. Kawu na tsugune yana dashen tumatir, ya ma ƙara rabin kadada a kan na bara. Ya miƙe yana kakkaɓe hannu.

"Ɗana, an ce wasiƙar ta zo?"

"Ta zo, Kawu."

"Alhamdulillahi. To yaushe za su kawo?"